Ordinatar da Aka Hana Kashewa

Duk wanda ya san Musiye Maidawa, direktan wani koleji da ke gefen garin Filinge, ya san mutum ne da ba ya barin abu a kunne. Fitila, fanka, famfon tsakar makaranta, har rediyon mai gadi, in dai yana wurin sai ya miƙa hannu ya kashe. Da wata ƙungiya ta kawo wa kolejin ordinatoci, wato kwamfutoci, da faifan sola, sai halin nan ya samu wurin zama. Kowace la'asar, bayan an tashi yara, shi da kansa yake shiga ɗakin ordinatocin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa cikin natsuwa, sannan ya lulluɓe kowacce da ƙyallen atamfa da matarsa ta ɗinka musu. Malamai suna yi masa dariya a bayan ido, suna cewa direkta ya tafi kwantar da ƴaƴansa.

Sai dai ƴaƴan nan nasa suna da wata cuta, ba sa riƙe komai. Yaro zai wuni yana tsintar haruffa da yatsa ɗaya, ya rubuta shafi guda da ƙyar, Madam Basiratu mai koyar da su ta tsaya a kansa har ya adana, ta ga sunan aikin ya fito a fuskar allo. Washegari a kunna, babu shi babu alamarsa. Allon nan fes, kamar ranar da aka kawo shi. Da farko an ɗora wa yara laifi, daga baya aka koma zargin ƴan wani aji da goge aikin wani. Musiye Isufu, malamin da mai haɗa injinan ya yi wa bayani tun farko, an yi masa canjin aiki zuwa Abala a lokacin hutu, lambarsa kuma ta daina shiga. Haka aka yi ta lallaɓawa, ana koyon rubutu yau, gobe a sake daga farko.

Abin bai taɓa cin ran Maidawa sosai ba sai da ya haɗa da Inna Yalwa.

Inna Yalwa tsohuwa ce daga wani ƙauye a arewacin gari, kuma aminiyar mahaifiyarsa Hasiya ce, Allah ya ji ƙanta. Tare suka yi ƴan matanci, tare suka durƙusa kan dutsen niƙa shekara da shekaru, kafin injin niƙa ya zo ya raba mata da dutse. Waƙoƙin niƙan da matan ƙauyen suke yi a da, a bakinta kaɗai suka rage, kuma da yawa daga ciki Hasiya ce ta tsara su. Maidawa ba shi da hoton mahaifiyarsa ko ɗaya, balle muryarta. Ya daɗe yana roƙon tsohuwar ta bari a ɗauki waƙoƙin, don yaran makaranta su ji, shi ma ya ji. Sai da ta ja masa rai son ranta sannan ta yarda, da sharaɗi.

"Ni dai muryata ba ta shiga wayar salula," in ji ta. "Ban so in taho kasuwa in ji ni cikin aljihun ɗan kabu-kabu. In cikin akwatin nan na lakwal, makarantar taku, ne, da ka zama wuri guda, to. Amma ka yi min alkawali ba ta hita ɗakin ga."

Ya yi mata alkawari. Basiratu ta saka mata makirfo a ordinatar ƙarshe ta kusa da taga, tsohuwa ta yi waƙa har azahar. Da la'asar Maidawa ya zo da hannunsa mai tsari ya kashe, ya lulluɓe. Ko kaɗan bai kawo cutar a ransa ba, shi a tunaninsa rubutun yara kawai take ci. Da safe ya zo da wuri don ya saurara shi kaɗai, ya tarar da allo fes. Ya zauna a kujerar yara ya rasa abin da ke masa daɗi, kuma kunya ta hana shi aika wa tsohuwar labari.

Ita ce ta zo da kanta, wata Lahadi ranar kasuwa, ta same shi a gida da ƙwaryar gabaruwa a kai. Ta ce ta ji abin da ya faru a bakin jikarta. Ta yi masa dariya har da tafa hannu, ta ce ashe akwatin ya fi ta tsufa. Sannan ta gaya masa ɗanta zai ɗauke ta ta koma Damana da zama, kasuwa mai zuwa za su tafi, ƙafafunta kuma ba na yawan tafiya ba ne yanzu.

"Yau muryata ta buɗe," ta ce. "In kana so, tashi mu tahi. In ta ɓace kuma, kai da akwatinka."

Aka aika aka kira Basiratu daga wanki. Ranar nan Inna Yalwa ta yi waƙar da ta fi ta farko, tana kaɗa kafaɗu kamar dutsen yana gabanta, tana tsayawa ta faɗi wadda ta tsara kowace waƙa da abin da ya sa. Da ta gama Basiratu ta adana, ta gwada sa ɗan kile ɗinta, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin ordinata, don ta kwafe ta ajiye a ofis, injin ya ƙi ganinsa, domin an rufe ƙofofin kile tun farko saboda ƙwayar cutar ordinata. Intanet kuwa babu a ɗakin. Ta dubi direkta, direkta ya dubi allo.

"Madam," ya ce, "na lura ba ta mantuwa sai an kashe ta. To ba a kashe ta."

Basiratu ta buɗe baki. A ce Musiye Maidawa ne yake faɗin haka!

A yammacin nan ya zauna ya rubuta wa mai haɗa injinan wasiƙa. Sunansa Naziru, yana Yamai, abin da aka sani ke nan, sai sunan unguwar shagonsa da ke manne a gefen kowace ordinata tare da wata lamba da ba ta shiga. Maidawa gwanin wasiƙa ne, irin mai jan layi da rula a ƙarƙashin kwanan wata. Da Faransanci ya fara, da duk gaisuwar ofis, ya bayyana cewa ordinatocin makaranta suna rasa duk abin da aka adana da zarar an kashe su an sake kunnawa, ko rubutu ne ko sauti, duk da cewa kafin a kashe ana iya buɗe aikin a gani. Ya ce duka injinan haka suke yi, kuma ba sa karɓar kile. Ya zo wurin rufewa sai Faransancin ya gaza masa, ya ƙara da Hausa a ƙasan hatimi:

"Malam Naziru, cikin ta ƙarshe ta wajen taga akwai muryar wata tsohuwa da waƙoƙin uwata. Na bar ta a kunne. Don Allah ka taho tun ba ta mutu ba. Ga lambata."

Ya kai wa Ibrah, direban motar kasuwa da ke komawa Yamai, wanda ake cewa babu lungun da bai sani ba a birnin. Ibrah ya soka takardar a bayan madubi, ya ce a ɗauka ta isa.

Daga nan makaranta ta shiga wani hali. Wutar ɗakin daga baturan sola take, su kuma baturan sun fara gajiya, in an yi musu nauyi ba sa kai safe. Saboda haka direkta ya zare komai daga jikinsu. Sauran ordinatocin aka kashe, darasin Basiratu ya koma kan allo da alli. Fankar ofishinsa ta tsaya, ga shi ana tsakiyar bazara. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne ƴar firjin ɗakin malamai, inda suke sanyaya ruwa. Malamin lissafi ya ce shi bai taɓa jin inda aka hana rayayyu ruwan sanyi saboda akwati ba. Maidawa ya sayo sabuwar randa ya kafa musu a inuwa, ya ce kakanninsu da ita suka girma. Ita kuwa ordinatar taga, an kashe mata allo kaɗai don rage cin wuta, an manna mata takarda da jan biro cewa kada a kashe, an kewaye wayarta da benci don kada ƙafar wani ta ja. Yara suka riƙa leƙowa ta taga suna tambayar ko Inna ta kwana lafiya. Shi ma direktan abin da yake fara dubawa ke nan da safe: ɗan koren hasken nan na gaban injin. In ya gan shi sai ya sauke ajiyar zuciya ya tafi taron tuta.

Ranar Laraba wayarsa ta yi ƙara. Muryar saurayi ce, tana dariya tun kafin sallama.

"Musiye le direkta, Naziru ne. Takarda ta iso. Kun kashe ta?"

"Ban kashe ba."

"Alhamdu lillahi. Kada ku kashe, kada ku danna komi. Injinanku lahiya lau suke, ni na daskarar da su."

Ya yi masa bayani a taƙaice. Akwai wata manhaja da ya saka wadda ke riƙe diskin ordinata yadda ya bar shi ranar da ya haɗa ta. Duk abin da aka yi bayan an kunna, a wani wurin wucin gadi take tara shi, in aka kashe aka kunna sai ta zubar, kamar tsakar gida da ake sharewa kowace safiya. Ana yin haka a makarantu don kada yara su lalata tsarin injin ko cuta ta zauna a ciki. Abin da ya rage shi ne ya dawo ya yanke wani sashe na diskin wanda manhajar ba ta taɓawa, inda za a riƙa ajiya. Sun yi da Musiye Isufu zai kira shi bayan hutu, kiran bai zo ba, shi kuma ya canja lamba, ya ɗauka wani ya yi musu aikin.

"To ka hwaɗa min yadda za ni narkar da ita," in ji Maidawa.

"Nan matsalar take. Ba ta narkewa sai an kashe an kunna, kuma in an yi haka muryar ta tahi. Sai na zo na buɗe ƙohwar kile na hidda ta tukuna. Ban so mu yi shi ta salula, yatsa guda in ya kuskure shi ke nan. Ina da aiki hannu, amma Lahadi ina cikin motar Ibrah."

Maidawa ya ji daɗi ya kuma ji tsoro. Ashe da gaske rayuwar muryar nan a kan ɗan koren hasken take.

Kamar da gangan, ranar Juma'a hadari ya taso daga gabas. Duk ƙasar Kurfai, inda Filinge take, aka ɗaga kai sama ana murna, manoma suna fito da irin gero suna gyara sungumi. Mutum ɗaya ne a faɗin ƙasar yake tsaye a tsakar makaranta yana hararar gajimare, domin faifan sola ba ya cika batur in babu rana. A masallaci liman ya roƙi ruwa, Maidawa ya ce amin tare da jama'a, don shi ma yana da gona, amma a ransa ya ƙara da cewa in da hali a bari sai Litinin. Ruwan bai jira shi ba. Ya sauka ranar Asabar, mai kyau, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suna tsalle a cikinsa. Allurar baturan ta yi ƙasa har mai gadi ya ce ko a haɗa na motar wani. Da hantsi ya yi ranar Lahadi rana ta fito, koren hasken yana nan, Maidawa ya yi dariya shi kaɗai a ɗaki.

Naziru ya sauka daga motar Ibrah da jaka a baya da taɓo har gwiwar wando. Siriri ne, mai fara'a, bai tsaya shan ruwa ba ya wuce ɗakin. Ya kunna allo, ya shiga da kalmar sirrinsa ta mai kula da injin, ya buɗe ƙofar kile ba tare da ya kashe komai ba. Ya zaro wani ɗan kile sabo daga aljihu zai soka, sai direkta ya riƙe masa hannu.

"Dakata. Na yi alkawali muryar ba ta hita ɗakin ga, ba ta kuma shiga aljihun kowa."

"Musiye, in ba ta shiga nan ba, ba ta tsira."

"Na sani. Amma ba ni ad da ita ba. Sai mai ita ta yarda."

Aka aika kasuwa aka taho da Inna Yalwa, da ƙunshin kayanta na tafiya Damana, ɗanta yana biye yana duban rana. Ta zauna, ta ƙare wa Naziru kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai akwatin mantuwa?"

"Ni ne, amaryata," in ji Naziru, ya durƙusa yana gaishe ta, irin wasan jika da kaka.

"Wa za shi auri miji da ba a ba shi ajiya? Tashi ka hwaɗi abin da ya kawo ka."

Ya nuna mata ɗan kilen a tafin hannunsa, bai kai ɗan yatsa ba. Ya ce muryarta za ta shiga nan ta ɗan zauna, ya gyara akwatin, sannan a mayar da ita. Tsohuwa ta girgiza kai. Abu ƙarami haka, ta ce, ai shi ne mai shiga aljihu ya tafi Yamai. Naziru ya yi rantsuwa, ta ce ta ji rantsuwar samari tun kafin a haifi ubansa. Maidawa ya bar mata hukuncin, domin shi ya yi alkawarin.

Can sai ta miƙa hannu. "In ta shiga, ka ba ni shi nan. Ni ka riƙon kayana."

Naziru ya soka kilen, ya kwafe, ya buɗe abin da ya kwafa ya tabbatar ya shiga duka, sannan ya zare ya ɗora mata a hannu. Inna Yalwa ta kwance haɓar zanenta, inda take ƙulle goro, ta sa shi ciki ta ƙulle tam, ta ɗora hannu a kai.

"To, kashe," ta ce.

Naziru ya shigar da kalmar narkarwa, ya matsa gefe ya ce direkta ya danna da kansa. Mutumin da ya fi kowa iya kashe abu a Filinge ya miƙa yatsa, sai ga shi ya tsaya yana ta bisimilla ya kasa dannawa. Basiratu ta juya baya tana ƙunshe dariya. Ya danna. Koren hasken ya ɗauke, ya dawo, allo ya fito fes kamar kullum, babu komai a kansa.

Daga nan aikin Naziru ne. Ya yanke sashe a diskin ya sa masa suna AJIYA da manyan haruffa, ya karkatar da wurin adana takardu zuwa can, ya sake daskarar da sashen tsarin injin kaɗai. Ya nuna wa Basiratu komai, ya ce ta gaya wa yara abin da aka bari a fuskar allo zai ci gaba da ɓacewa, abin da aka sa a AJIYA kuwa yana nan. Ya ba ta kalmar sirrin, ya ba direkta, don kada canjin aiki ya sake tafiya da ita. Sauran injinan ya ce zai bi su kafin motar yamma. Sannan ya je gaban tsohuwa ya tara hannu biyu. Ta kwance haɓar zane a hankali, ta ba shi, tana bin hannunsa da ido har ya mayar da muryar, ya goge kilen a gabanta.

"Yanzu a kashe gaba ɗaya," in ji Naziru. "A zare ma waya."

Aka kashe, aka zare, aka mayar, aka kunna. Basiratu ta buɗe AJIYA. Sunan yana nan. Ta danna, sai muryar Inna Yalwa ta cika ɗakin, ƴar siririya mai ƙarfi. Yaran da suka taru a taga suka sa ihu, malamin lissafi, wanda ya biyo ya ga ƙarshen zancen firji, ya fi kowa tafi. Maidawa ya zauna a kan benci, murna ta cika shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ita mai muryar ba ta yi tafi ba. Ta karkata kai tana saurare da fuskar mai duba hatsi a kasuwa. Da aka zo wata waƙa ta Hasiya, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Tsohuwar ga ta tsallake baiti."

"Inna, ai ke ce," in ji Basiratu.

"Ko ni ce, ta tsallake. Ba ni abin maganar."

Ɗanta ya ce mota za ta cika, ta ce ta cika. Aka sa mata makirfo. Ta gyara zama, ta dubi Maidawa, ta ce wannan baitin, ranar da uwarsa ta koma kan dutse bayan ta yi arba'in ta yi shi, yana goye yana tsala ihu. Sai ta rera:

"Maidawa na bisa baya, bar kuka,
dutse ka kuka, kai ka yi dariya,
in garin gero ya yi laushi,
kunun hwarko naka ne."

Bai taɓa jin baitin ba. Bai taɓa sanin an sa sunansa a waƙa ba. Direktan koleji guda, a gaban malamansa da ɗalibansa, yana dariya hawaye na zuba a kan rigar da ya goge da safe, bai ko share ba.

"Madam," ya ce da ƙyar, "adana."

"Na adana, Musiye."

"To sake sa min shi daga hwarko."